Idan baki ya suɓuce wajen gabatar da baƙo

(An rubuta wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani zama da matasa masu koyon gabatar da taro a Birnin Kebbi.)

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, barkanmu da yamma.

An ce in yi magana a kan abin da mai gabatarwa zai yi idan ya riga ya yi kuskure, lasifika na hannunsa, jama'a kuma sun ji. Yadda ake shiri kafin taro, wannan na wata rana ne. Yau dai baki ya riga ya suɓuce.

Kuskuren nan iri biyu ne, kuma gyaransu ba ɗaya ba ne. Ko dai ka rage wa mutum abin da yake nasa, ko ka ƙara masa abin da ba nasa ba. Matasa sun fi jin tsoron na farko, amma ni a wurina na biyun ya fi haɗari, kuma zan zo kansa.

Mu fara da ragi. A ƙasar nan tamu sarauta ba ta bin sunan jiha. Jihar Kebbi a 1991 aka ƙirƙire ta, Zamfara kuma a 1996, alhali sarautun sun girme su nesa ba kusa ba. Sarkin da ke zaune a nan Birnin Kebbi Sarkin Gwandu ne. Sarkin Kabi yana Argungu. Idan ka shiga Zamfara, Sarkin Zamfara yana Anka, na Gusau kuwa Sarkin Katsinan Gusau ake ce masa, na Ƙaura Namoda Sarkin Kiyawa. Yaron da bai san wannan ba sai ya tashi ya ce "Sarkin Kebbi", yana nufin Mai Martaba Sarkin Gwandu, ya taɓa gidaje biyu da kalma ɗaya. Haka nan Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne, Mai Martaba na sarakuna, Mai Shari'a na manyan alƙalai.

Yaya za ka gane ka kauce? Ba baƙon zai gaya maka ba, domin babba ba ya gyara sunansa a bainar jama'a. Waɗanda suka rako shi za ka kalla. Za ka ga suna haɗa ido da juna, ko tafin da ya kamata ya tashi ya zo a sanyaye, ko ka ji ƙananan maganganu daga layin baya. Wani lokaci sai ka ga yaro ya nufo ka da 'yar takarda a ninke. Karɓi takardar nan ka karanta nan take, kada ka tura ta aljihu.

Gyaran ragi gajere ne. Ka tsaya, ka nemi gafara da kalma biyu, ka maimaita sunan daga farko da cikakkiyar sarautar, a hankali, da murya mai nauyi fiye da ta ɗazu. "A gafarce ni, ranka ya daɗe. Wakilin Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu." Shi ke nan, ka ci gaba. Kada ka liƙa sarautar a wutsiyar magana, ka ce "af, shi ne kuma Waziri", domin ta zama kamar abin da aka tsinto a ƙasa.

Inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne wajen ba da uzuri. Mutum ya tsaya yana bayani: takardar da aka ba ni ce ba daidai ba, ban yi barci jiya ba, masu shirya taro ba su sanar da ni ba. Minti biyu sun wuce, an bar baƙo a tsaye, taro ya koma kallon mai gabatarwa. Ga shi kuma ya jefa waɗanda suka ɗauke shi aiki cikin kunya. Raha ma haka. Idan abokinka ne ko abokin wasanka, kana iya sa dariya ta wanke abin. Gaban basarake ko malami ko dattijuwa, bar ta.

To, mu zo ga ƙari. Bari in ba ku misali mu bi shi daki-daki. A ce taron gidauniyar makarantar Islamiyya ne, kai ne da lasifika, ka ce: "Farfesa wane, wanda ya gina mana asibitin garinmu." Alhali mutumin mataimakin farfesa ne, asibitin kuma kwamitin da ya tara kuɗin ya shugabanta, jama'ar gari suka yi karo-karo. An yi tafi, kowa ya ji daɗi, sai zuciyarka ta ce ai yabo ne, ba zagi ba, a bar shi haka.

Duba halin da ka saka shi. Idan ya yi shiru, ya amshi abin da ba nasa ba a gaban abokan aikinsa na jami'a, waɗanda suka san matakin da yake, da kuma gaban mutanen da suka sayar da buhun shinkafa suka ba da gudummawa. Idan ya gyara da kansa, ya buɗe jawabinsa da rage kansa, kai kuma ya nuna ba ka san aikinka ba. Ko ta ina ya juya akwai ƙaya, kuma kai ka shimfiɗa ta. Saboda haka kai ne za ka ɗauke masa.

Dabarar ita ce gaskiyar ta fito a matsayin yabo, kada ta fito kamar an tuɓe masa rawani. Ba za ka ce "ashe ba farfesa ba ne, kuma ba shi ya gina ba". Za ka ce: "Jama'a, bari in daidaita maganata. Dakta wane, mataimakin farfesa a jami'a, shi ne ya jagoranci kwamitin da ya haɗa kan mutanen garin nan har asibiti ya tsaya." Kun lura babu kalmar korewa ko ɗaya a ciki. Ka faɗi abin da yake, ba ka tsaya kan abin da ba shi ba, kuma masu karo-karo sun ji an ambace su.

Sauran magana lokaci ne. Idan ka farga kafin ya karɓi lasifika, gyara nan take. Idan ya riga ya fara jawabi, kada ka kuskura ka katse shi. Jira ya gama, sai ka saka gyaran cikin godiyar da za ka yi masa, ka kira shi da sunansa na daidai. Idan kuwa shi ya gyara da kansa, to an gama. Ka ce "mun gode da gyara, Allah ya ƙara girma", kada ka sake tono maganar.

Wata 'yar'uwa ta miƙo tambaya a rubuce: idan sai bayan an watse aka gane fa? Hajiya, abu biyu za a yi. Ki same shi, ko wanda ya fi kusa da shi idan basarake ne, ki ba da haƙuri ba tare da dogon zance ba. Sannan ki nemi 'yan jarida da masu ɗaukar bidiyo kafin su bar wurin, ki rubuta musu sunan da muƙamin daidai a takarda, domin abin da kika faɗa a lasifika shi za su karanta a rediyo da dare.

Na ga ladan ya miƙe. Mu tsaya nan mu yi salla, in mun dawo kowa zai riƙe lasifika mu gwada.