Kunun Aya Ɗaya, Masu Saye Iri-iri: Wa Za Ki Sayar Wa?

A ce kina dama kunun aya a gida, kwalba 60 a rana, kowace rabin lita. In aka tambaye ki wa kike sayar wa, kika ce kowa da kowa, to matsalar daga nan ta fara.

Aikin farko shi ne rarraba masu saye gida-gida. Kada ki tsaya kan shekaru ko maza da mata, dubi dalilin da ya sa mutum yake saye. Ɗan makaranta ƙullin leda yake nema, mai araha da zaƙi. Fasinja a tasha sanyi ne damuwarsa, kuma yana sauri. Ma'aikaciyar ofis kuwa sai ta juya kwalbar ta duba murfi kafin ta tambayi kuɗi. Masu biki sari suke yi, amma ba kullum ba. In rukuni biyu abu ɗaya suke so a farashi ɗaya, haɗe su.

Sai zaɓe. Tambayi kanki: suna da yawa, za su iya biya, kuma za ki iya kai musu? Tambayar ƙarshe ta fi nauyi, domin kunun aya ba ya jimiri. In ya rasa sanyi, kafin yamma ya fara tsami. A ce kowace kwalba ta ci miki naira 300, har da ƙanƙara da kuɗin mota. Ɗan makaranta ba zai iya ba. A tasha za a taya 350, ga rana tana dukan kula. A ofis za ki iya sayarwa 500, ribar 200 ke nan, kuma mutum 60 suna iya samuwa a gini biyu ko uku. Sai ki ɗauki ofisoshi, ki haƙura da sauran tukuna.

Yanzu me kike so ya faɗo musu a rai in sun ji sunan kununki? Jimla ɗaya ta isa: damun yau, zaƙin dabino, babu sukari. Dole komai ya gaskata maganar: sabuwar kwalba ba tsintacciya ba, murfi a liƙe, kwanan wata a jiki, kaya su iso kafin azahar.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne kwantai. Kwalba goma sun kwana, kin ji asara, kin cusa su cikin na yau. Wanda ya kurɓi tsami sau ɗaya ba zai yi miki faɗa ba, zai daina saye ne kawai. Don haka rubuta sunayen masu saye, ki ga nawa suka dawo a mako na biyu. In kuma suna ta ce miki na leda ya fi araha, ko dai kwalbarki ba ta nuna bambancin ba, ko kin kai kayan inda ba a buƙatarsu.