Laccar gyaran hoto a Kaduna: kalar da ta hau fata ba ta mai fatar ba ce

Toh jama'a mu ci gaba. Kun kai wa amarya hotunanta ta ce "wannan ba ni ba ce", ko ta fito kore-kore kamar mara lafiya, ko ta yi toka-toka. Galibi haske ne ya jawo. A ma'aunin kalar haske da ake kira Kelvin, hasken rana tsaka yana wajen 5500K, tsohon ƙwan lantarki mai ja-ja wajen 3200K, fitilar fuloresan kuma kore take zubawa, sannan ga rumfar biki, in koriya ce duk wanda ya zauna ƙarƙashinta sai ya kwashi koren a goshi da wuya. Mai gyara ya ga fuska ta ɓaci sai ya ruga wajen Orange a manhajar gyara ya ja Luminance sama, wato hasken wannan kalar, ya ƙara Exposure, wato hasken hoton gaba ɗaya. Koren na nan bai tafi ba, ita kuma ka mayar da ita fara alhali wankan tarwaɗa ce.

Ku ƙyale fatar tukun. Ku nemi wani abu a hoton da kun tabbata ruwan toka ne ko fari, wanda haske ɗaya ya faɗo musu da fuskar. Amma a kula, farar shaddar ango yaudara ce, an sa mata bula wajen wanki, in ka auna da ita hoton gaba ɗaya zai koma rawaya. Farin ido ma ba fari ba ne, akwai jan jijiya a ciki. Shi ya sa nake cewa ku sayi katin toka ku ɗauke shi sau ɗaya kafin a fara.

Misali, a Photoshop ka buɗe Info ka ɗora linzami kan bangon siminti, ka ga R 120, G 136, B 121, wato ja, kore da shuɗi. Toka ta gaskiya lambobin nan uku kusan ɗaya suke, to kore ya yi yawa da kusan 15. Ka buɗe leyar Curves, ka zaɓi Green, ka sauke tsakiyar layin a hankali har G ya dawo kusa da 120. Sai ka sa leyar a kan Color maimakon Normal, shi ne zai taɓa kala kaɗai ya bar duhu da hasken fatar yadda suke. A Lightroom kuwa Tint za ka tura dama, kuma in RAW ka ɗauka ya fi karɓar gyaran nan a kan JPEG.

Malama ta tambaya, in rabin fuska kawai ya yi kore fa? Eh Hajiya, haske biyu ne suka haɗu, na taga da na rumfa. Gyaran gaba ɗaya ba zai yi ba, gefe mai kyau zai koma shanshanbale. Ki yi mask, wato abin da ke keɓe inda gyara zai taɓa, ki shafa gyaran a gefen da ya ɓaci kaɗai da buroshi mai laushi, sannan ki auna kumatu biyun, a fata kowace iri R ne a sama, G na bin sa, B a ƙasa.