Giranda da injin huda: yadda girgiza ke mayar da yatsu fari

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Ina wurin aiki ne, lokacin hutu, ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji a bayana. Yau a kan girgizar giranda da injin huda kankare za mu tattauna, da abin da take yi wa yatsun mai riƙe su shekara da shekaru.

Bari in matso da kyamara ku ga wannan hoton. Hannun wani abokin aikinmu ne, da izininsa nake nunawa. Ku dubi yatsu ukun nan: daga kai zuwa gaɓa ta biyu sun yi fari fat, ga iyaka nan a fili tsakanin farin da sauran fata. Babban yatsa kuwa lafiyarsa ƙalau, kuma galibi haka abin yake zuwa. Ya ce a lokacin ko maɓallin riga ba ya iya ɓallewa. Da jinin ya dawo sai yatsun su yi ja, su kama zugi.

Mutane na ɗora wa sanyi laifi, amma sanyi tona asiri kawai yake yi. Girgizar ce ke lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin da muke jin taɓi da su, a hankali a hankali. Bayan sun lalace, da an taɓa ƙarfe mai sanyi ko ruwa, sai hanyoyin su tsuke, jini ya kasa kaiwa kan yatsa. Shi ya sa abin ya fi kama mutum da sassafe ko wajen wanke mota, ba lallai yana riƙe da injin ba. Tun 1918 likita Alice Hamilton ta rubuta wannan a kan masu sassaƙa dutse da guduma mai iska a Indiana ta Amurka. Kafin farin kuma akwai gargaɗi: minjirya da sagewar yatsu da ba sa sakin mutum bayan an tashi aiki, har su tashe shi cikin dare.

To, nawa ne ya yi yawa? A nan Ingila dokar 2005 ta yanka iyaka, kuma ana lissafinta da maki. Maki 100 a rana, dole mai kamfani ya ɗauki mataki. Maki 400 kuwa ba a yarda a wuce ba. Takardar kowane inji tana ɗauke da ƙarfin girgizarsa da alamar m/s². Ka ninka lambar da kanta, ka sake ninkawa biyu, ka sami makin awa ɗaya.

Mu ce girandarka 5 ce. Biyar sau biyar 25, sau biyu 50 a awa. Injin huda mai duka kuma mu ce 10, wato 200 a awa. Kun gani? Girgiza ta ninka biyu, maki sun ninka huɗu. Idan ka yi awa ɗaya da rabi kana gyaran walda da giranda, ka tara 75. Sai aka ce zo ka huda bango, minti 15 kacal, ga 50. Jimla 125, ka haye layin farko tun kafin azahar, kai kuwa gani kake hudar ba wani aiki ba ce. Lokacin da ake ƙirgawa shi ne wanda injin ke aiki a hannunka, ban da na awo da canza faifai.

Amma fa lambar takarda ta sabon inji ce a wurin gwaji. Faifan da ya cinye ta gefe ɗaya, ko bakin huda da ya dakushe, suna ƙara girgiza, kuma su sa ka damƙe ka danna da ƙarfi. Iya damƙarka, iya abin da ke shiga hannunka. Ka canza faifai da wuri, ka bar injin ya ci da kansa, ku riƙa karɓa-karɓa a aikin huda.

Safar hannun da ake tallatawa wai tana tare girgiza, ni dai ban ba ku shawarar dogara da ita ba. Amfaninta na gaskiya ɗumi ne. Mai shan taba kuma yana ƙara wa kansa, domin ita ma tsuke hanyoyin jini take yi.

Idan yatsunka sun fara fari, ka ɗauki hotonsu nan take, don kafin ka isa gaban likita sun koma daidai, ba abin da zai gani. Ka faɗa masa injin da kake riƙewa da tsawon shekarun, ka sanar da shugaban aikinka. Farin kan ragu idan an bar girgiza da wuri, amma sagewar da ta riga ta zauna da wuya ta tafi. An kira mu, sai mun haɗu a bidiyo na gaba.