Kafin Ka Shiga Aiki: Me Za Ka Tambayi Waɗanda Ke Cikinsa?

Malam Sani: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Hajiya Binta da Malama Hadiza. Yau maganarmu a kan wanda yake tunanin shiga wani aiki ne, aka ce masa je ka tambayi masu yi. To ya je, sun zauna, ya dawo bai ƙaru da komai ba. Hajiya, ina matsalar take?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Matsalar tana cikin tambayar kanta, Malam. Yawancin mutane sukan fara da "Yaya aikin? Kina jin daɗinsa?" Ita kuma ta ce alhamdulillahi, akwai wahala amma akwai rufin asiri. Shi ke nan, an gama. Wannan amsar kowa zai iya ba ka ita, daga direba har alƙali. Ra'ayi ka nema, ra'ayi aka ba ka, cikin ladabi.

Malama Hadiza: Kuma ko da gaskiyarta ta faɗa, jin daɗinta nata ne. Abin da bai dame ta ba yana iya zama shi ne zai kore ka a wata shida.

Malam Sani: To a tambayi me?

Hajiya Binta: A tambayi abin da ya faru. Maimakon "yaya ranarki take kasancewa", ka ce "aikin da kika yi na ƙarshe, ba ni labarinsa tun daga shigarki har fitarki". In ka ce "yawanci", mutum zai tsara maka ranar da ta dace a ce yana yi. In ka ɗaure shi da rana guda, jiya ko shekaranjiya, dole ya koma ya tuno, kuma a cikin tunowar ƙananan abubuwa suke fitowa. Dabarar ma tsohuwa ce. Wani masanin halayyar ɗan Adam, John Flanagan, ya yi rubutu a kanta a 1954. Ya nuna cewa in kana son sanin abin da aiki yake buƙata, ka tattara labaran abubuwan da suka faru a zahiri, ka bar tambayar mutane siffofin ma'aikaci nagari.

Malam Sani: Mu sa misali, don kada mu tsaya a sama-sama.

Malama Hadiza: To, a ce wata yarinya ce tana son karatun jinya. Ka tambaye ta dalili, ta ce tana son kula da mutane, ta zauna da mara lafiya ta kwantar masa da hankali. Dalili ne mai kyau. Kafin ta je wurin kowa, sai ta ɗauki takarda ta rubuta abu uku: abin da take fatan samu, abin da ba za ta iya jurewa ba, da abin da take tsoro. A ce ta rubuta hira da marasa lafiya, sannan rashin barci, sannan ganin jini.

Malam Sani: Me ya sa sai ta rubuta kafin?

Malama Hadiza: Saboda in ta haɗu da nas mai fara'a da iya magana, za ta fito tana son nas ɗin, ta ɗauka aikin take so. Takardar ce za ta dawo da ita kan hanya.

Hajiya Binta: To ta samu nas mai aiki a ɗakin kwantar da marasa lafiya, ta yi mata waccan tambayar. Nas ta ce, a misali: na shiga ƙarfe takwas na dare, na karɓi aiki daga masu tashi, muka bi gado-gado, na raba magani, na auna hawan jini da zafin jiki, na duba masu ƙarin ruwa, na yi rubuce-rubuce, da asuba wani ya rikice muka kira likita, ƙarfe takwas na safe na miƙa aiki. A nan mutane suke yin kuskure, su ce "Allah sarki" su wuce tambaya ta gaba. A'a. Nan ne za ki tsaya. Gado nawa ne? Ku nawa ne a kansu? Rubutun ya ci awa nawa? Kin samu kin zauna kuwa?

Malama Hadiza: Sai ta yi lissafi a gefe. Awa 12 ne. A ce karɓa da miƙa aiki sun ci awa ɗaya, magani da aune-aune da gyaran ƙarin ruwa awa huɗu, rubutu a fayil awa uku, bin sakamakon gwaji da neman likita da amsa wa 'yan uwan marasa lafiya awa biyu, wanda ya rikice ya ci awa ɗaya. Saura awa ɗaya. Cikinta za ta yi salla, ta ɗan huta, cikinta kuma hirar nan take, wadda saboda ita yarinyar take son aikin.

Malam Sani: Kenan ta haƙura?

Malama Hadiza: Ba a kai nan ba tukuna. Abin da ta gano shi ne a wannan ɗakin, a aikin dare, abin da take nema kaɗan ne. Tambaya ta gaba sai ta fito da kanta: a wane ɓangare na jinya ne ake samun lokacin magana da mutum? Nas ɗin za ta iya ce mata ki duba masu awon ciki, ko masu kula da masu ciwon suga da hawan jini da ke dawowa wata-wata, ko masu jinyar ƙwaƙwalwa. Sunan aikin ɗaya ne, amma ranakun ba ɗaya ba ne.

Hajiya Binta: Sai batun barci, wanda shi ta ce ba za ta jure ba. Kada ta ce "aikin dare da wuya?" Ta ce: a watan da ya wuce dare nawa kika yi, nawa ne a jere, kwana nawa aka ba ki hutu bayansu? Waye yake tsara jadawalin, kuma sabon shiga yana da ta cewa? Sannan, bayan shekara nawa mutum yake iya komawa aikin rana zalla? In amsar ita ce sai bayan shekaru masu yawa, to wannan ya fi maganar jini nauyi. Shi jini, mutane da yawa sukan saba da shi a lokacin horo, amma jadawali ba ya sauyawa don ka saba.

Malam Sani: Bari in ɗan ja da ku. Ma'aikaci ba zai so ya tona asirin wurin aikinsa ga wanda bai sani ba. Ka tambaye shi abin da ya tsana, ya yi murmushi kawai.

Hajiya Binta: Gaskiya ne, shi ya sa ake kauce masa a ɗora a kan wasu. "Cikin waɗanda kuka gama karatu tare, su wa suka bar aikin, me ya fitar da su, ina suka koma?" Mutum ya fi sakin baki a kan labarin abokinsa, kuma sau da yawa nasa ciwon yake faɗa da sunan wani. Haka maganar kuɗi. Ba ka ce masa nawa ne albashinka. Ka ce sabon shiga yakan fara daga nawa zuwa nawa, bayan shekara biyar kuma ina yake kaiwa. Ka ƙara da abin da ake mantawa: wata nawa ne tsakanin gama karatu da albashin farko, kuma me mutum yake biya daga aljihunsa, kamar jarrabawar lasisi da sabunta shi.

Malama Hadiza: Akwai kuma wadda nake ganin ta fi tona halin aiki: kuskure na ƙarshe da aka yi a sashenku, me ya biyo baya? In ta ce an zauna an duba yadda aka yi maganin wani ya je wa wani, aka gyara tsarin, wannan wuri ne da sabo zai iya koyo. In ta ce an nemi wanda za a ɗora wa, to kin san mutane suna ɓoye kuskurensu a can.

Malam Sani: Mutum nawa za a tambaya? Na san guda bai isa ba.

Malama Hadiza: Biyar sun wadatar, in an zaɓe su da kyau. Biyu masu shekara biyu ko uku a aikin, domin su ne suke rayuwar da za ki fara shiga. Ɗaya wanda ya haura shekara goma, ya nuna miki inda hanyar ta nufa, amma ki tuna ƙofar da ya shigo ta cikinta wataƙila ta sauya, kuma ya manta zafin farko. Ɗaya daga wani irin wurin aiki daban, ƙaramin asibiti in na farkon babba ne. Na biyar kuma wanda ya bari.

Hajiya Binta: Na biyar ɗin nan shi aka fi tsallakewa, alhali shi ke riƙe da rabin labarin. A lokacin yaƙin duniya na biyu, masanin lissafi Abraham Wald ya yi aiki a kan jiragen yaƙi da suke dawowa da ramukan harsashi. Abin lura shi ne jiragen da ake dubawa su ne suka tsira. Waɗanda aka harba a inda ba a tsira ba su dawo ba balle a gan su. Haka ma'aikata. Duk wanda ka tarar a bakin aiki, wanda aikin bai kora ba ne.

Malam Sani: Amma wanda ya bari ai yana iya zuwa da haushi.

Hajiya Binta: Yana iya. Sai ka raba ƙorafinsa gida biyu: na aikin da na wurin aikin. Shugaba mai faɗa, jinkirin alawus, ƙarancin kayan aiki, waɗannan na wuri ne, sauya wuri yana iya maganinsu. Tsayuwa awanni, aikin dare, ganin mutuwa, rubutu mara ƙarewa, waɗannan suna bin aikin duk inda ya je. Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da mutum ɗaya ya faɗa, riƙe shi da alamar tambaya. Abin da uku suka faɗa daga wurare daban ba tare da ka ja su ba, ɗauke shi a matsayin halin aikin.

Malam Sani: Shi zaman da ma'aikacin fa, yaya ake neman sa?

Malama Hadiza: Ki nemi minti 20, ki faɗa tun farko cewa ba aiki kike nema ba, shawara ce, domin da zarar mutum ya zaci aiki kike so sai ya fara kare kansa. Tambaya biyar ko shida sun isa, tunda ta farkon kaɗai za ta ci rabin lokacin. Abin da za ki samu a shafin makaranta, kamar shekarun karatu, kada ki ɓata mata lokaci da shi. In ta yi shiru, ki bar ta, kada ki cike mata gurbin. Minti 20 na cika ki ce lokaci ya yi, in ta ga dama ita za ta ƙara. Da kin fito kuma, ki rubuta kafin awa ɗaya ta wuce, da kalmominta, ba da fassararki ba.

Hajiya Binta: Kafin ki tashi ki roƙi abu biyu. Wa za ta haɗa ki da shi wanda yake ganin aikin daban da yadda take ganinsa? Sannan ko akwai halin ki bi wani ki ga aikin na yini guda, tunda gani ya kori ji. A asibiti wannan sai da izinin hukumar wurin, saboda sirrin marasa lafiya, kuma ba ko'ina ake yarda ba. In an yarda, yarinyar nan kada ta zaɓi safiya mai sauƙi. Ta nemi lokacin da ya fi kusa da abin da ta rubuta cewa ba za ta jure ba, ko da zuwa ne ƙarfe takwas na safe ta ga fuskar masu miƙa aikin dare.

Malam Sani: To madalla. Hajiya Binta, Malama Hadiza, mun gode. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba.