Kar ka ce wa na'ura "baƙin ciki", nuna mata kafaɗa da hazo

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Toh madalla. Abu huɗu nake so mu duba yau kan yadda ake sa yanayin zuciya ya fito a hoton da muke sa na'ura ta zana, wato jiki, fuska, yanayin gari, sai launi, in lokaci ya bar mu.

Amma bari mu fara da dalili. Waɗannan manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion, wanda aka saki a 2022, sun koyi zane ne daga tarin hotunan intanet, kowane hoto da ɗan rubutun da ke maƙale da shi. Toh ka tambayi kanka, wane irin hoto ne mutane ke rubuta `sad woman` a ƙasansa? Yawanci hotunan talla ne da aka ɗauka a situdiyo, mace ta rufe fuska da hannu biyu, ko tana leƙen taga ruwa na zuba a gilashi, komai shuɗi-shuɗi. Shi ya sa in ka rubuta haka, shi za a miƙo maka, kai da wanda ke Legas da wanda ke Landan duk hoto iri ɗaya. Na'urar ba ta san ciwon zuciya ba, abin da kyamara ke iya gani shi ta sani. Saboda haka duk kalmar da za ka sa a umarninka ka auna ta, mai ɗaukar hoto zai iya saita kyamara ya ɗauke ta? In ba zai iya ba, toh ka bar wa na'ura zaɓi, ita kuma abin da ya fi yawa a ma'ajiyarta za ta ɗauko.

Na farko jiki. Mu ɗauki aiki guda mu bi shi, a ce bangon littafi za ka yi, wata uwa ce a tashar mota tana jiran ɗanta, motar ƙarshe ta iso ba ya ciki. Da Turanci zan rubuta umarnin, don shi suka fi ji. Yawancinmu haka za mu fara:

```
a sad lonely mother at a motor park, emotional
```

Yanzu dubi wannan a allo:

```
older woman on a wooden bench, shoulders dropped,
chin resting on her palm, covered food bowl untouched
beside her, eyes on the empty gate
```

Kun ga ban ce tana baƙin ciki ba ko sau ɗaya. Tagumi ta yi, kafaɗa ta sauka, ga kwanon abincin da ta kawo masa ba a ko buɗe ba, ido na kan ƙofa. Kwanon nan shi ne labarin wallahi, duk wanda ya gani ya san akwai wanda ake jira. Fuska kuwa ku yi a hankali, da ka ce `crying` sai ta kwararo hawaye kamar an buɗe famfo, hoton ya koma wasan kwaikwayo. Ka ce leɓe a matse, ido bai kalli kyamara ba, ya isa.

Na uku, a'a na biyu ko? Toh ko na nawa ne, yanayin gari, nan kam ku yi haƙuri zan daɗe, don shi ne ya fi damuna. Na'urar ta gaji tunanin masu hotunan da ta koya daga gare su, a can ruwan sama da gajimare mai duhu alamar ƙunci ne, rana tsaka kuma alamar murna. Mu fa? Manomi a Gumel ko Maraɗi da ya ga hadari ya haɗo daga gabas a farkon damina, murna yake, yara su fito da gudu, ƙasa ta yi ƙamshi. Ranar da suke ɗauka abin farin ciki kuwa, wa ke murna da ranar watan Afrilu da azahar? Malam na gaba yana dariya, da alama a ƙafa ya zo. Toh in masu kallon hotonka mutanenmu ne, ka sa wa uwar nan ruwan sama, ka aika saƙon da ba shi kake nufi ba.

Hazo za ka ba ta. Hazon hunturu, na Disamba da Janairu. Kuma kar ka tsaya kan rubuta `harmattan` kawai, wani lokaci ta gane wani lokaci ta kawo maka guguwar rairayi ta sahara da raƙuma. Ka zayyana abin da ido ke gani. Ku tuna safiyar hazo, rana ta zama farin faifai kana iya kallonta ido bai yi zafi ba, inuwa ta kusa ɓacewa, bishiyar da ke can nesa ta dusashe, sama ba shuɗi ba fari ba, ƙura ta kwanta a kan gilashin mota, mutane sun takure cikin rigar sanyi, leɓe ya tsage. Wannan shi za ka rubuta:

```
dusty haze, pale white sun disc, almost no shadows,
distant buses fading, dust on windscreens
```

Hazo yana yin abu biyu a hoto, yana rage bambancin haske da duhu sai komai ya yi shiru, sannan yana ɓoye nesa, ita kuma matar nan nesa take kallo, abin da take jira yana can inda ido ba ya kaiwa. Kun gane? Ina maimaitawa, inda ido ba ya kaiwa. Ba wata kalmar sifa da za ta yi maka wannan aikin.

Launi, a gurguje. Ka ambaci biyu ko uku, ruwan ƙasa, toka-toka, sai abu ɗaya mai ƙarfi, a ce jan kwano. Amma launi yana zuba, ka ce jan kwano sai ka ga mayafi ma ya yi ja har da benci, in ka ga haka ka rage launuka, ka sa kowanne dab da abin da yake siffantawa. Kuma kar umarni ya yi tsawo, Stable Diffusion na farko gutsattsarin kalma 77 kawai yake karantawa a zubi ɗaya. In kana gwaji ka riƙe lambar `seed` ɗaya, wato lambar da na'ura ke soma zane daga gare ta, ka canja abu guda kawai, ta haka za ka san kafaɗa ce ta yi aikin ko hazo.

Hajiya, ga hannu can, bismillah.

(Mai tambaya: Malam, ni katin biki nake yi. Na ce amarya ta sunkuyar da kai, sai ta fito kamar an yi mata rasuwa. Yaya zan yi?)

Madalla da wannan tambaya, bari in bar abin da ya rage mu tsaya nan. Hajiya, sunkuyar da kai kaɗai a wajen na'ura ƙunci ne, ba ta san kunyar amarya ba. Sai ki ƙara mata sauran jikin. Mai baƙin ciki kafaɗarta a sake take, hannu ya mutu a cinya. Amarya kuwa bayanta a miƙe, ido ne kawai a ƙasa, gefen baki ya ɗan ɗaga, hannu mai lalle ya ja bakin mayafi zuwa leɓe. Ki sa ƙawaye biyu a bayanta suna dariya, don fuskokin da ke kewaye su ke gaya wa mai kallo yadda zai fassara tata. Haske kuma na yamma, bayan la'asar, mai ruwan zuma. Kuma kar ki rubuta `not sad`, sau da yawa kalmar take kamawa ta watsar da korewar, in Midjourney ne ki yi amfani da `--no tears` a ƙarshen umarnin, wato ban da hawaye. Da wayarki a hannu? Ki kawo bayan sallah mu gwada tare, an kira magariba.