Yadda Ake Auna Sakamakonmu a Jami'o'in Waje

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, da ɗalibai 'yan ajin ƙarshe da na ga sun fi yawa a zauren nan, ina godiya da wannan gayyata. Na shirya yin magana a kan abubuwa huɗu da ofishin ɗaukar ɗalibai yake dubawa idan takardunku suka isa gabansa daga wata ƙasa, kuma zan yi ƙoƙarin bin su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon lokacin da aka ba ni.

Abu na farko, kafin a dubi makinka ana duba makarantar da ta ba ka shi. Ma'aikacin da ke zaune a Jamus bai san jami'arka ba, wataƙila bai taɓa jin sunan garinku ba, saboda haka sai ya buɗe wani rumbun bayanai na hukumar ƙasarsu mai suna anabin, ya rubuta sunan jami'ar. Idan ya ga alamar H+ a gabanta, to an amince da ita a matsayin jami'a. Idan ya ga H-, magana ta ƙare ke nan, ko da kai ne ka fi kowa maki a shekararku. Akwai kuma H+/-, wadda ke nufin sai an duba kwas ɗin da ka yi shi kaɗai kafin a yanke hukunci. Wannan rumbu a buɗe yake ga kowa, kuma ina roƙon duk mai niyyar Jamus ya duba shi a daren yau, kafin ya kashe ko kwabo. A Birtaniya hukumar da ke wannan aiki ita ce UK ENIC, wadda kafin 2021 ake kira UK NARIC. A Amurka kuwa babu hukumar gwamnati guda da ke yin sa, ƙungiyoyi masu zaman kansu ne, kuma wadda aka fi sani a nan ita ce WES.

Na biyu shi ne sahihancin takardar. A taƙaice, masu tantancewa irin su WES ba sa karɓar takardar sakamako daga hannun ɗalibi. Jami'arka ce za ta aika musu kai tsaye, ko a ambulan da aka rufe aka buga wa hatimi, ko ta hanyar intanet da suka amince da ita. Sakamakon WAEC kuma suna duba shi da kansu da lambar katin da za ka ba su. Ku lura da suna. Idan Muhammad ne a fasfo, Mohammed a takardar digiri, Muhammadu a ta sakandare, to ku gyara tun yanzu ko ku tanadi takardar rantsuwa daga kotu, domin wannan kaɗai yana iya riƙe fayil makonni.

Yanzu ga abin da na fi so mu tsaya a kansa, wato sauya maki, kuma ina neman waɗanda ke bayan zaure su fito da biro, domin lissafi za mu yi tare. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya ɗauka maki kamar kuɗi ne, a canza naira zuwa dala da farashi guda. Ɗalibi mai 4.00 bisa 5.00 sai ya raba da biyar ya ninka da huɗu, ya ce yana da 3.20 a ma'aunin Amurka. Ba haka ake yi ba. Mai tantancewa yana ɗaukar darussanka ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowane harafi kwatankwacinsa a can, ya ninka da nauyin darasin, sannan ya fitar da matsakaici. Idan ɗalibin nan B ya samu a duk darussansa, kuma aka ɗauki B ɗinmu a matsayin B ɗinsu mai maki uku, to 3.00 zai samu, ba 3.20 ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma wannan hanya ita ce ke ceton mu, domin a nan maki 70 cikin 100 A ne, alhali a yawancin makarantun Amurka 70 bai wuce C ba. Da a ce lambar kawai za su kalla, da an zalunci ɗalibanmu mafiya ƙwazo.

Jamusawa kuwa suna da wata hanya da nake jin daɗin koyarwa, saboda kowa yana iya yin ta a kan takarda. Ana kiran ta ƙa'idar Babariya da aka yi wa gyara. Kafin in rubuta ta, ku riƙe wannan: a Jamus maki yana tafiya ne a juye, 1.0 shi ne mafi kyau, 4.0 shi ne mafi ƙarancin ci. Na maimaita, ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Ga ƙa'idar a kan allo:

```
x = 1 + 3 * (Nmax - Nd) / (Nmax - Nmin)
```

Nmax shi ne maki mafi girma da ake iya samu a jami'arka, Nmin shi ne mafi ƙarancin makin da ake ba mutum digiri da shi, Nd kuma shi ne naka, sannan x shi ne makinka a ma'aunin Jamus. Abin da ƙa'idar take tambaya mai sauƙi ne: tsakanin ƙofar ci da ƙololuwa, a ina kake tsaye?

Mu ɗauki ɗaliba da ta gama da 3.10 bisa 5.00, wato ajin biyu na ƙasa, tunda wannan aji yana farawa daga 2.40 zuwa 3.49. Tana neman digiri na biyu a wata jami'a da ta ce ba ta ɗaukar wanda makinsa ya fi 2.5 muni. Idan takardarta ta nuna cewa mafi ƙarancin makin kammalawa 1.00 ne, sai mu cire 3.10 daga 5.00, ya rage 1.90. Mu raba da 4.00, wato 5.00 a cire 1.00, mu sami 0.475. Mu ninka da uku, 1.425 ke nan, mu ƙara ɗaya, ya zama 2.4. Ta shiga. Yanzu ku bar komai yadda yake, ku canza abu guda: a ce a jami'arta ba a ba da digiri ga wanda ya gaza 1.50. Sai mu raba 1.90 da 3.50, mu sami kusan 0.543, mu ninka da uku, mu ƙara ɗaya, ya ba mu 2.6. Ba ta shiga ba. Ɗaliba guda ce, maki guda, darussa guda, amma lamba ɗaya da ke rubuce da ƙananan haruffa a bayan takardar sakamako ta raba ta da gurbin.

Shi ya sa nake cewa, kuma zan sake faɗa, bayan takardar sakamako yana da nauyi kamar gabanta. A nan ne jami'a ke rubuta ma'auninta: wane maki ne A, wane ne faɗuwa, da nawa ake kammalawa. Na taɓa taimaka wa wani yaro da aka dawo masa da fayilinsa sau biyu, kuma da muka bincika sai muka ga wanda ya kwafi takardar a ofishin jami'arsu gaba kawai ya ɗauka, ya bar bayan. Masu dubawa ba su da hanyar sanin Nmin ɗinsa daga abin da aka aika musu. Har aka gyara, wa'adin shekarar ya wuce, kuma abin ya dame ni ƙwarai, domin yaron ya cancanta. Idan jami'arka ba ta rubuta ma'auni a takardar ba, ka nemi wasiƙa daga ofishin rajistara da ke bayyana shi, mai hatimi da sa hannu.

Na ga akwai 'yan'uwanmu daga Nijar a wannan sahu, bari in yi naku, domin a nan ne iyakar ƙa'idar take fitowa fili. A wurinku maki bisa 20 ne, ana ci da 10. Ɗalibi mai 13 ya yi ƙoƙari sosai, kowa a Maraɗi ko Damagaram ya san haka, domin malamai a tsarin Faransa ba kasafai suke ba da 18 ba, balle 20. Amma idan aka sa 20 a matsayin Nmax, 20 a cire 13 saura 7, a raba da 10, a ninka da uku, a ƙara ɗaya, sai ya fito da 3.1, wanda a idon Bajamushe maki ne mai rauni. Ƙa'idar ba ta san cewa saman ma'aunin kusan babu kowa a cikinsa ba. Tana ɗauka duk tazarar ana amfani da ita daidai. Saboda haka idan makarantarku tana iya ba ku takardar da ke nuna matsayinku a aji, a ce na uku cikin tamanin, ku karɓa ku haɗa, domin inda kwamiti ke da ikon duba fayil da idonsa, wannan takarda tana faɗin abin da lissafi ya ɓoye.

Wanne muke kai, na uku ko na huɗu? Shugaban taro yana nuna mini agogo, bari in haɗe su. Bayan maki ana duba yawan karatu da irinsa. A Turai shekara guda ta cikakken karatu maki 60 ce a ma'aunin ECTS, wanda yawan karatu yake ƙirgawa, ba kyawun sakamako ba, digirin shekara uku 180 ke nan, kuma kwas na digiri na biyu yana iya cewa sai kana da adadi kaza a lissafi ko kididdiga. Sai su ƙirga daga takardarka, in bai kai ba, kyawun makinka ba zai cike giɓin ba. A Jamus jami'o'i da yawa sun miƙa wannan dubawa ta farko ga wata ƙungiya mai suna uni-assist da ke Berlin. A wurin WES kuma ku bambance rahoto iri biyu: mai faɗin matsayin takarda kawai, da mai bin darasi ɗaya bayan ɗaya. Neman digiri na biyu a Amurka galibi na biyun ake buƙata.

(Tambaya daga zaure: Malam, ni babbar difiloma nake da ita daga kwalejin kimiyya da fasaha, ba digiri ba. Wani abokina ya ce an tantance tasa don hijira zuwa Kanada an amince. Ke nan ni ma zan iya shiga digiri na biyu da tawa?)

Na gode, ɗana, zauna. Abubuwa biyu ne abokinka ya haɗa maka. Rahoton da ake yi don hijira zuwa Kanada aikinsa shi ne ya gaya wa hukumar shige da fice matsayin karatunka don a ba ka maki a tsarinsu, kuma yana aiki na shekara biyar. Ba takardar shiga jami'a ba ce. Ko rahoton da aka yi don karatu ma shawara ce kawai; jami'a ce ke da hukunci na ƙarshe, tana iya karɓa, tana iya ƙi. Babbar difiloma kuwa, da shekara biyu na ƙaramar difiloma, da shekarar sanin makamar aiki, da shekara biyu na babbar, masu tantancewa ba su haɗu a kan matsayi guda a kanta ba. Jami'o'in Jamus da yawa ba sa ɗaukar ta kai tsaye zuwa digiri na biyu. A Birtaniya wasu suna karɓa idan sakamakon ya yi kyau kuma akwai gogewar aiki, wasu sai ka ƙara difilomar gaba da digiri, wasu su ce ka yi shekara guda ta cike digiri tukuna. Don haka kafin ka biya kowa kuɗin tantancewa, ka zaɓi kwasa-kwasai uku, ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na kowanne, ka faɗi sunan takardarka da makarantarka da ajin da ka fita da shi, ka tambaye su ko suna karɓa da kuma rahoton wa suke so. Ka aika takardun ƙaramar difilomar tare da na babbar, domin idan ta babbar kaɗai suka gani, shekara biyu za su ƙirga maka. Ka same ni bayan an tashi da kwafin takardunka, gaba da baya, mu duba tare.