Me ke cikin kanwa? Lacca kan gwajin harshen wuta da na bututu

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka. Wannan dunƙulen da ke hannuna kanwa ce, irin wadda ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, irin ta miyar kuɓewa. Da ita za mu yi aikin yau, domin gishirin kwalba tsarkakakke ne, ba ya ruɗa kowa, ita kuwa kanwa haɗe-haɗe ce. Tambayarmu biyu: wane ayon mai caji na ƙari ke ciki, wane ne kuma mai caji na ragi?

Kowa ya sa tabaran kariya tukuna. Mu daka ɗan gutsure, mu ɗebi kamar kan cokali mu narkar a cikin 10 cm³ na tataccen ruwa, mu tace da takarda domin akwai yashi. Na ce tataccen ruwa, ba na famfo ko na rijiya ba. Waɗannan suna ɗauke da kulorayid da kalsiyam nasu, sai ka wayi gari ruwan kake gwadawa, ba kanwar ba.

Mu fara da wuta. A buɗe ƙofar iskar murhun Bunsen har harshen ya zama shuɗi-shuɗi, kusan ba a ganinsa. Harshen rawaya mai hayaƙi ba ya da amfani a nan. Sai a ɗauki wayar nikirom, a tsoma bakinta a cikin HCl mai ƙarfi, a sa a wuta, a maimaita har ta daina ba da launi. Wannan wankin shi ne rabin aikin, kuma shi ɗalibai ke tsallakewa. Bayan haka a sake jiƙa ta da asid ɗin, a dangwali garin, a riƙe a gefen harshen. Amfanin asid ɗin biyu ne: yana wanke waya, yana kuma mayar da gishirin zuwa kulorayid, wanda ya fi saurin zama tururi a wuta.

Kun gani? Rawaya ɗorawa, mai ƙarfi, kuma ya daɗe bai mutu ba. Wannan sodiyam ne, Na⁺. Zafi ne ke ɗaga ilaktoron zuwa mataki na sama, idan ya faɗo sai ya saki haske mai launin da ya keɓanta da wannan ƙarfen. Da kalsiyam ne da mun ga ja irin na jan bulo, bariyam kore mai haske, tagulla kore mai sirkin shuɗi, potasiyam kuma ruwan hoda mai sirkin shunayya, mai rauni ƙwarai.

A nan akwai tarko. Sodiyam yana ko'ina, har a gumin yatsanka. Ka taɓa bakin wayar da hannu, za ka ga rawaya ya yi walƙiya ya ɓace. Saboda haka walƙiya ba hujja ba ce, sai launin da ya tsaya. Sannan rawayan sodiyam yana danne launin potasiyam gaba ɗaya. Maganinsa shuɗin gilashin kobalt: yana shanye rawayan, idan akwai potasiyam sai ka hango shi ta cikin gilashin. Da kanwar nan kusan ba abin da ya rage. Amma ku gwada busasshen ruwan toka, wanda iyayenmu mata ke tacewa daga tokar kara, za ku ga bambanci, domin toka na da potasiyam da yawa.

Yanzu bututu. A zuba 2 cm³ na ruwan kanwar, a ɗiga NaOH ɗigo-ɗigo, sannan a ƙara da yawa. Babu abin da ya faru. Kada wanda ya bar layin nan fayau a takardarsa, ku rubuta cewa ba a ga laka ba, wato daskararren abin da kan fito a cikin ruwan ya ƙi narkewa, domin wannan ma sakamako ne: ya kore tagulla da baƙin ƙarfe da sauransu. Ga kwalaben kwatance nan don idonku ya saba. Cu²⁺ yana ba da laka shuɗiya. Fe²⁺ yana ba da kore mai datti, wanda samansa ke komawa ruwan ƙasa idan ya sha iska. Fe³⁺ kuwa ja-ja ne kamar tsatsa. Masu farar laka su ne ke wahalar da mutane a jarrabawar WAEC da NECO: ta Ca²⁺ ba ta narkewa ko an ƙara NaOH, ta Zn²⁺ da Al³⁺ da Pb²⁺ tana narkewa. Shi ya sa nake cewa ɗigo-ɗigo. Wanda ya kwarara lokaci guda, lakar za ta fito ta narke bai gani ba, ya rubuta babu komai. Daga cikin ukun nan, ruwan amoniya mai yawa na Zn²⁺ kaɗai yake narkarwa.

To, mu koma ɓangaren ragi, inda nake so ku fi nutsuwa. A sabon bututu mu ɗiga HNO₃ mai ruwa-ruwa. Ga kumfa nan tana tashi, iskar ba launi ba wari. A bi da ita ta cikin ruwan Ca(OH)₂, ya yi fari kamar madara. Iskar CO₂ ce, ke nan akwai kabonet ko haidurojin kabonet. Wannan gwajin ba zai raba su ba, kuma a kanwa duka biyun suna nan. Kada ku yi ta hura iskar ba iyaka, idan ta yi yawa farin yakan washe.

Yanzu ku duba abin da zai faru idan mutum ya yi gaggawa. Ga ruwan kanwa ban sa masa asid ba, na ɗiga BaCl₂. Farar laka tuli! Mai gaggawa ya riga ya rubuta salfet. Bari in ƙara asid. Kun ga tana kumfa tana narkewa? Yawancinta BaCO₃ ce. Abin da ya ƙi narkewa bayan kumfar ta tsaya, wannan ɗan hazon fari, shi ne BaSO₄, shi kaɗai ne shaidar SO₄²⁻. Wata kanwar za ta bar da yawa, wata kaɗan, ya danganta da inda aka haƙo ta.

Haka abin yake da kulorayid. AgNO₃ ma yana yin laka da kabonet, don haka sai an fara zuba HNO₃ har kumfa ta ƙare, a taɓa da shuɗiyar takardar litimos a ga ta koma ja, sannan a ɗiga AgNO₃. Farar laka mai gudaji, wadda ke narkewa a ruwan amoniya, ita ce AgCl. Ku bar wani kason a bakin taga, zai yi duhu saboda haske. Da buromayid ne da lakar ta yi fari mai sirkin rawaya, ayodayid kuma rawaya sosai, ba ta narkewa a amoniya.

Ɗaliba a baya tana tambaya: me ya sa ba za a yi amfani da HCl ba, tunda shi ma asid ne? Madalla da tambaya. Ki duba sunansa, akwai Cl a ciki. Idan kika zuba shi, ke kika kawo kulorayid ɗin, laka za ta fito ko da kanwar ba ta da ko ƙwaya. Dalili ɗaya ne ya sa ba a neman kulorayid a bututun da aka riga aka sa BaCl₂, ba a kuma sa H₂SO₄ kafin gwajin salfet. Wanda yake son yin duka a bututu guda, sai ya riƙe HNO₃ da Ba(NO₃)₂, ya bi tsari: kabonet, salfet, a tace, sannan kulorayid. Ni dai na fi son sabon kaso ga kowane gwaji, ya fi rufin asiri.

Abin da muka samu ke nan: Na⁺, da kabonet mai yawa, da ɗan salfet da ɗan kulorayid. Gwaje-gwajen nan ba sa faɗin adadi, wannan aikin awo ne na wani zangon. Ragowar bariyam guba ce, a juye ta a kwalbar shara da ke kan teburin baya, AgNO₃ kuma yana baƙanta fata, duk wanda ya zubo masa ya wanke yanzu. Rukuni na farko, ku zo ku karɓi wayoyinku.